Kurakuran da mata suka fi yi da maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa

Ƙwayar da ake sha bayan saduwa ba ta kashe maniyyi, ba ta wanke mahaifa, kuma ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. Aikinta shi ne ta jinkirta fitar ƙwan mace. Maniyyi yana iya rayuwa a jikin mace har kwana 5, shi kuwa ƙwai idan ya fito bai wuce awa 24 yake yi ba. Idan maganin ya riƙe ƙwan har maniyyin ya mutu, babu ciki. Idan ƙwan ya riga ya fito, an makara. Yawancin kurakuran da nake gani a wajen matanmu na Jos, waɗanda akasarinsu matan aure ne masu goyo da kwaroron roba ya fashe musu ko ranar allurarsu ta wuce, daga rashin sanin wannan suke tasowa.

Babban kuskure shi ne ɗaukar awa 72 ɗin da ke jikin kwali kamar wa'adin biyan bashi, wai muddin ba a kai ranar ba, babu damuwa. Postinor-2 da Postpill, waɗanda ake samu a kusan kowane kemis daga Terminus zuwa Anguwar Rogo, sinadarinsu ɗaya ne, lebonojestirel, miligiram 1.5 jimilla. Ƙarfinsa yana raguwa da kowace rana. Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki da yawa kamar kwana ɗaya da rabi kafin ƙwai ya fito, kuma da zarar ya fara hauhawa, lebonojestirel ba ya iya tsayar da ƙwan. Don haka mace biyu za su iya shan magani a awa 40, ɗaya ta tsira, ɗaya ta ɗauki ciki, domin ta biyun tana dab da ranar ƙwanta. Ki sha da zarar ya zo hannunki. Idan Postinor-2 ne mai ƙwaya biyu, ana iya haɗiye su lokaci guda, ba sai an jira awa 12 ba, kuma hakan ya fi, domin ƙwaya ta biyun ita ake yawan mantawa.

Akwai wani maganin, ulifiristal miligiram 30, wanda ake sayarwa da sunan ellaOne. Shi yana aiki har awa 120, kuma yana iya riƙe ƙwai ko da wancan sinadarin ya fara hawa, matuƙar bai kai ƙololuwa ba. Ya fi tsada, kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba, sai an nema a manyan shagunan magani.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na nauyin jiki, domin da wuya ki ji mai kemis ya tambayi mace kilonta. Ƙa'idar da likitocin tsarin iyali na Birtaniya ke bi ta ce lebonojestirel yana iya yin rauni ga macen da ta haura kilo 70, ulifiristal kuma ga wadda ta haura kilo 85. An auna jinin mata masu ƙiba bayan sun sha lebonojestirel, aka tarar abin da ke yawo a jininsu ya kai kusan rabin na sirara kawai. Kilo 70 ba wata ƙiba ba ce a wajenmu, mace mai haihuwa uku ko huɗu tana kaiwa ba tare da kowa ya kira ta mai jiki ba. Wasu likitoci suna ninka maganin zuwa miligiram 3 ga irin waɗannan mata, amma wani gwaji da aka wallafa a 2022 ya nuna ninkin bai ƙara hana fitar ƙwai ba ga masu ƙiba sosai. Ni dai ba na dogara da shi idan akwai wata hanya. Sai dai kada wannan ya sa ki ƙi sha: idan Postinor-2 kaɗai ke gabanki, ki sha, sannan ki nemi abin da ya fi shi.

Abin da ya fi shi kuwa shi ne robar mahaifa mai jan ƙarfe. Idan ma'aikaciyar lafiya ta saka ta cikin kwana 5 da saduwa, a cikin mata ɗari ko ɗaya ba ta cika ɗaukar ciki ba. Babu ruwanta da nauyi, kuma tana aiki ko ƙwai ya fito, domin jan ƙarfen yana raunana maniyyi, yana kuma hana ƙwan zama a mahaifa. Ana saka ta a sashen tazarar haihuwa na asibitoci, kuma bayan gaggawar ta wuce, ki bar ta ta yi miki shekara 10 ko ki sa a cire bayan al'adarki ta zo.

A ce wata mai kilo 78, al'adarta tana zuwa duk kwana 28, wato ƙwanta yakan fito wajen rana ta 14 idan aka ƙirga daga ranar da jini ya fara. Kwaroron roba ya fashe daren Juma'a, rana ta 11. Da ta fita safiyar Asabar, ulifiristal ne ƙwayar da ta dace da ita, domin ta haura kilo 70 kuma ƙwan ya kusa. Amma sai ta jira maigida ya dawo daga Bauchi, ta je kemis safiyar Litinin. Awa 60 ke nan, tana cikin wa'adin kwali, amma rana ta 14 ce, kuma maniyyin Juma'a yana nan da rai. A wannan gaɓar Postinor-2 kusan asarar kuɗi ne, ulifiristal ma caca ne. Hanyarta ita ce asibiti, a saka mata roba, kuma tana da zuwa daren Laraba.

Sauran kurakuran gyaransu ba wuya. Idan kin yi amai cikin awa 3 da shan ƙwayar, ki sake shan wata. Idan kin sha ulifiristal, kada ki ɗora Postinor-2 a kai don ƙarin kariya, kuma ki jira kwana 5 kafin ki koma ƙwayar kullum ko allura, domin suna karya masa ƙarfi. Mai shan rifamfisin na tarin fuka, ko kabamazafin da fenitoyin na farfaɗiya, ta faɗa wa likita, domin waɗannan suna sa hanta ta narkar da maganin da sauri har mako 4 bayan an daina su. Ƙwayar kuma ba ta kare saduwar da za a yi bayanta. Ƙwan da aka jinkirta yana nan tafe, don haka sai kwaroron roba har al'ada ta zo. Jiƙon kanwa, ruwan gishiri, lemun tsami da maganin ƙwayoyin cuta irin su amfikulos ba sa hana ciki ko kaɗan. Ki kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kwali, domin hukumar ta taɓa gargaɗi kan jabun Postinor-2.

Wadda aka yi wa fyaɗe, Allah ya kiyaye, a kai ta asibiti a ranar, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau shi ma cikin awa 72 ake fara shi.

Ɗigon jini kwana kaɗan bayan shan maganin ba shaida ba ce cewa ya yi aiki. Al'ada tana iya zuwa da wuri ko ta ɗan makara. Idan ta makara fiye da kwana 7, ko ta zo 'yar kaɗan ba kamar yadda kika saba ba, ki yi gwajin fitsari mako 3 bayan saduwar. Idan kuwa kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri ko zubar jini, ki tafi asibiti nan take a duba ko ciki ne a wajen mahaifa.