Kafin ka zuba jari, zaga unguwarku

Jama'a, mai neman sana'a ya ɗauki ƙaramin littafi da biro ya zaga unguwa kwana 7, safe da yamma. Kada ka tambayi kowa me yake so, don kunya kowa zai ce maka "ai zan saya". Zauna wajen mai shayi, bakin famfo da ƙofar masallaci bayan la'asar, ka rubuta ƙorafin da ya fito da kansa, ka ja layi duk sanda aka maimaita shi.

Ni da na yi, wuta da kwata suka fi layi, amma waɗannan sun fi ƙarfina. Na ukun shi ne niƙa. Matan gida ba sa zama majalisa, sai ƙanwata ce ta jiyo mini: injin markaɗe ɗaya ne, can tsallaken titi, yara kan makara makaranta a layinsa. Na tsaya safiya uku ina ƙirga robobin da ke tsallakawa, na tambayi nawa ake biya. Ƙorafin da mutane ke kashe wa kuɗi tun yanzu shi nake bi.

Sannan na tambayi dattawa ko an taɓa kafa inji a nan. Ashe an yi, bashi ne ya kashe shi. Shi ya sa nawa ba na niƙa sai an biya.