Darasi na 7: Soke asirans kafin shekara ta cika

A ce kun biya wa mota asirans na shekara guda a nan Maraɗi, bayan wata 3 aka zo sokewa, kuna son a mayar muku da sauran kuɗinku. Ku ɗauko rasit. Akwai jimilla a ƙasa, akwai kuma ainihin kuɗin asirans a sama, kafin a ƙara haraji da kuɗin takarda. Da na saman ake lissafi, domin kuɗin takarda galibi ba ya dawowa. A misalinmu na saman jika 60 ne, wato sefa 60,000.

Hanya ta farko ita ce rabon daidai. A raba jika 60 gida 12, kowane wata ya tashi jika 5. Wata 3 ya ci jika 15, a mayar muku da jika 45. Haka aka saba yi idan kamfani ne ya soke.

Hanya ta biyu ita ce farashin gajeren lokaci, wanda ake bi idan ku ne kuka nemi sokewa kuma yarjejeniyarku ta tanadi haka. A nan watannin farko sun fi tsada, saboda tun ranar farko kamfani ya biya ladan wakili, ya kuma yi aikin takardu. Za ku ga jadawali, kowane kamfani da nasa. Mu ƙaddara naku ya ce wata 3 kashi 40 cikin 100.

To, a nan ake tuntuɓe. Kashi 40 ɗin nan rabon kamfani ne, shi zai riƙe. Ku sa yatsa a kan lambar ku faɗa da baki: wannan na kamfani ne. Kashi 40 cikin 100 na jika 60 shi ne jika 24. Na wa ne jika 24? Na kamfani. Sai ku ɗebe 24 daga 60, saura jika 36, su ne naku. Wanda ya ruɗe kada ya damu, ya sake daga farko a hankali. Amma a ajin bara sau huɗu na maimaita wannan, washegari wasu suka zo mini da 24 a matsayin kuɗinsu, kuma wannan rashin saurare ne. Lambar jadawali ta kamfani ce, sai an ɗebe ta ake ganin naku.

Tsakanin hanyoyin biyu kun rasa jika 9.

Sokewa a rubuce ake yin ta. Ku kai takarda ofis, a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinku, domin maganar baki ba ta tsayar da lissafi. Idan an riga an biya ku diyyar haɗari a shekarar, ku duba yarjejeniya, sau da yawa ba a mayar da kome.

Aiki: jika 48, wata 6, jadawali ya ce kashi 70. Nawa ne naku?