Babi na biyar a kundin digiri na biyu na aikin jinya: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A yawancin sassan koyar da aikin jinya na jami'o'inmu, kundin digiri na biyu babi biyar ne, kuma na ƙarshen shi ne na tattauna sakamako. Ɗalibi kan iso wannan babi a gajiye, lokacin kare kundi ya matso, sai ya ɗauko alƙaluman babi na huɗu ya sake jera su, ya liƙa wa kowanne sunan wani marubuci. Mai jarrabawa na waje kuwa nan ya fi zura ido, domin tambaya biyu yake nema wa amsa: me ya sa sakamakon ya fito haka, kuma iya ina za a yarda da shi?

Bari mu bi misali guda, wanda na ƙirƙira don bayani kawai. A ce wata ɗaliba ta yi wa iyaye mata 300 tambayoyi a sashen rigakafin yara na wani asibitin koyarwa, a kan shayar da nonon uwa zalla. Mata 180, wato kashi 60 cikin ɗari, sun ce nono kaɗai suke ba jariransu 'yan ƙasa da wata shida. Ta kuma samu alaƙa tsakanin zurfin karatun uwa da shayarwa zalla (p = 0.03), amma ba ta samu alaƙa da aikin da uwar ke yi ba (p = 0.21). Wannan p adadi ne na lissafi, ƙanƙantarsa ake dubawa kafin a ce alaƙar da aka gani ba dace kawai ba ce.

Kuskuren farko shi ne maimaici, kuma gyaransa bai da wuya. Idan sakin layi ya fara da "kashi 60 sun ce kaza, kashi 25 sun ce kaza, kashi 15 sun ce kaza", to babi na huɗu ne aka sake bugawa. Jimla ɗaya ta isa a tuna wa mai karatu babban abin da aka gano a ƙarƙashin kowace manufar bincike, sauran sakin layin kuma na fassara ne. Ki bi manufofinki na babi na ɗaya a jere, kada ki bi jadawalai ɗaya bayan ɗaya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin kwatanta sakamako da binciken baya. An saba rubuta "wannan ya yi daidai da binciken wane, ya kuma saɓa da na wance", a rufe sakin layi a wuce. Ba a faɗi inda aka yi binciken wancen ba, ba a faɗi su wa aka tambaya ba, ba a faɗi yadda aka yi tambayar ba. Ni a ganina wannan jimlar ba ta ƙara wa kundi komai, illa ta nuna cewa ɗalibi ya karanta taƙaitaccen bayanin da ke saman maƙala ya tsaya nan.

Dubi yadda ya kamata ɗalibarmu ta yi. Binciken alƙaluman jama'a da lafiya na Najeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya nuna kashi 29 na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ne ake shayar da su nono zalla, daga kashi 17 a 2013. Nata sakamakon ya ninka wannan har da ɗoriya. Ba daidai ba ne ta rubuta cewa matan garinsu sun fi sauran matan ƙasa wayewa, kafin ta duba bambancin hanyoyin binciken biyu. Na ƙasa gida-gida aka bi, birni da ƙauye, har da matan da ba su taɓa taka ƙofar asibiti ba. Wannan binciken ma ya nuna kashi 39 kacal na haihuwa ne aka yi a cibiyar lafiya. Ita kuwa ta tambayi matan da suka ɗauko 'ya'yansu da ƙafarsu suka kawo rigakafi a asibitin koyarwa, waɗanda akasarinsu sun yi awon ciki, sun saurari jawabin nas a kan shayarwa ba sau ɗaya ba. Mutanen da aka tambaya daban ne tun daga tushe, don haka tazarar ba abin mamaki ba ce. Wannan shi ne bayanin da ake son gani a rubuce.

Sai kuma yadda aka auna abin. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda binciken ƙasa ke bi, yana tambayar abin da jariri ya ci ko ya sha a jiya, dare da rana. Wasu masu bincike kuma suna tambaya ne tun daga ranar haihuwa. Jaririn da aka ɗanɗana wa dabino ko ruwan zamzam ranar da aka haife shi, ko kakarsa ta ba shi ruwa lokacin zafin bazara, zai iya shiga lissafin shayarwa zalla a ma'auni na farko, amma ya faɗi a na biyu. Saboda haka tambayar jiya takan ba da adadi mafi yawa. Idan ɗalibarmu ta yi amfani da tambayar jiya, ta kuma kwatanta da maƙalar da ta yi tambayar tun haihuwa, saɓanin da ta gani na ma'auni ne, ba lallai na halayyar iyaye ba. Kafin ki ambaci kowace maƙala, buɗe sashen hanyar bincikenta ki rubuta abu huɗu a gefe: wuri, shekara, su wa aka tambaya, da ainihin tambayar. Maƙala uku da aka yi wa haka sun fi goma sha biyar da aka jero sunayensu.

Wasu kuma sukan ɓoye binciken da ya saɓa wa nasu, wai kada a ce aikinsu bai inganta ba. Mai jarrabawa da ya san fagen zai lura da giɓin, kuma tambayarsa ta farko ke nan ranar kare kundi. Haka nan duk maƙalar da za ta fito a babi na biyar, ya kamata a ce an riga an gabatar da ita a babi na biyu. In sabuwa ce, koma ki sa ta can.

Kuskure na gaba na harshe ne, amma ya shafi gaskiyar aikin. Binciken ɗalibarmu na lokaci guda ne: ta haɗu da kowace uwa sau ɗaya, ta tambayi karatunta da shayarwarta a zama ɗaya. Irin wannan tsari yana nuna cewa abubuwa biyu suna tafiya tare, ba ya nuna cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan. Don haka jimlar "ilimin uwa yana ƙara shayarwa zalla" ta wuce abin da alƙalumanta za su iya ɗauka. Wataƙila matan da suka yi karatu mai zurfi su ne kuma suka fi haihuwa a asibiti, su ne suka fi zama nesa da uwar miji, kuma ɗaya daga cikin waɗannan ne ainihin dalili. Abin da za ta rubuta shi ne an samu alaƙa, sannan ta ambaci waɗannan abubuwa da ke iya shiga tsakani, ta faɗi ko ta cire tasirinsu a lissafi ko ba ta cire ba. Ƙanƙantar p ba ta nufin alaƙar tana da ƙarfi. A faɗi girman bambancin da kansa: kashi nawa a cikin masu karatun gaba da sakandare, kashi nawa a cikin sauran.

Sakamakon da bai nuna alaƙa ba, wato p = 0.21 na aikin uwa, shi ma yana da haƙƙin a tattauna shi. Ɗalibai kan tsallake shi, ko su rubuta "aikin uwa ba ya shafar shayarwa". Duka biyun kuskure ne. A ce cikin mata 300 ɗin, 24 ne kawai ke aikin ofis. Da wannan ɗan adadi, ko akwai bambanci na gaske, da wuya lissafi ya kamo shi. Jimlar da ta dace ita ce ba a samu hujjar alaƙa ba a wannan rukuni, kuma ƙarancin ma'aikata a cikinsa na iya zama sanadi.

Ra'in da aka ɗora bincike a kai ma ana mantawa da shi. Ɗaliba za ta cika shafi huɗu a babi na biyu da bayanin ra'in masanin halayyar ɗan Adam Ajzen na 1991, wanda ya ce niyyar mutum tana fitowa ne daga yadda yake kallon abu, da matsin na kusa da shi, da ganin ko yana da ikon aikatawa, sannan ba za a sake jin ɗuriyarsa ba. Alhali idan matan da ke ba da ruwa sun fi ambaton umarnin uwar miji ko kaka, ga matsin na kusa nan ƙarara, kuma wurin faɗinsa babi na biyar ne.

Mu zo kan iyakokin bincike. Abin da aka fi rubutawa shi ne ƙarancin kuɗi, ƙarancin lokaci, da rashin haɗin kan wasu masu amsa tambayoyi. Waɗannan wahalhalun ɗalibi ne, mai karatu bai ƙaru da su ba. Iyaka ta gaske ita ce duk abin da ke cikin tsarin binciken da zai iya karkatar da sakamako, kuma kowace ana son a faɗi abu uku a kanta: mece ce, ta wane ɓangare ta karkatar da adadin, me aka yi don rage ta.

Ga yadda ɗalibarmu za ta rubuta guda ɗaya: "Nas ce sanye da kayan aiki ta yi tambayoyin, a ɗakin da ake yi wa iyaye jawabin shayarwa. Mai yiwuwa wasu sun ba da amsar da suka san ana so, don kunya ko gudun faɗa. Wannan zai sa kashi 60 ya zarce gaskiya. An rage hakan ta hanyar keɓe kowace uwa, da tambayar ruwa da zuma da rubutu ɗaya bayan ɗaya, domin uwa da yawa ba ta lissafa ruwa cikin abin da ta ba jariri." Ta biyun ita ce zaɓen asibiti guda da ɗaukar duk wadda ta zo, wanda shi ma sama yake tura adadin. Tunda iyakokin biyu gefe ɗaya suka karkata, sai ta faɗa ƙarara cewa adadinta ya fi kusa da matakin ƙoli, kuma bai shafi matan karkara da ke haihuwa a gida ba. Kada kuma a zarce a rushe aikin gaba ɗaya. Iyaka uku ko huɗu masu nauyi sun wadatar.

Shawarwarin ƙarshen babi daga nan suke fitowa. "Gwamnati ta ƙara wayar da kan jama'a" ba ta da tushe idan binciken ya nuna matan sun riga sun san amfanin shayarwa zalla, matsin gida ne ke hana su. Shawarar da ta fito daga sakamakon ita ce nas-nas na sashen awon ciki su riƙa gayyato uwar miji ko kaka zuwa zaman jawabin shayarwa, bincike na gaba kuma ya bi gida-gida, ya bibiyi jarirai daga haihuwa zuwa wata shida, ya yi tambayar jiya da ta tun haihuwa a tare don a ga tazarar da ke tsakaninsu.