Yadda ake raba albashin fari a Yamai ya kai ƙarshen wata

Abin da za a raba shi ne kuɗin da ya shigo hannu bayan banki ya cire nasa, ba wanda ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ba. Mu ɗauka jika 120 ne, wato sefa 120,000.

A ranar da kuɗin ya faɗo, kai wa mai gida kuɗin haya kafin ka zauna a fada. A ce ɗaki a Talaje ko Lazare ya ci jika 25, wuta da ruwa jika 7. Amma kada a raba hayar da kuɗin mota, tare ake auna su. Ɗakin da ya fi araha da jika 5 a Harobanda, in wurin aikinka yana tsallaken kogi har sai ka shiga taksi biyu, tsada gare shi. Ƙirga ranakun aiki 22: in zuwa da dawowa jika ɗaya ne, jika 22 ke nan. Cika shi 25 saboda ranar ruwan sama da ranar makara, ka sa a ambulan ɗinsa daban.

Sai na gida, inda aka fi tuntuɓe. Abin da ka tura a watan fari shi za a riƙa jira kowane wata. Wanda ya aika jika 40 don murna, wata na biyu ya aika 15, sai a ce yaro ya canza. Yanke abin da za ka iya riƙewa shekara guda, a nan jika 15, ka tura wa mutum ɗaya, Inna ko Baba, su raba da kansu. In ƙane ya bugo a tsakiyar wata, amsar a shirye take: «Na wannan wata yana hannun Inna.» Kuɗin aikawa ta Nita ko Amana ma a cikin lissafin yake.

Ajiya jika 10, ita ma ranar fari, a wurin da hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Kada ka shiga adashi tukuna, domin zubi ba ya jin uzuri, kai kuwa ba ka san halin watanka ba.

Saura jika 38. Goma ta tafi ga shinkafa, mai da gas, takwas ta jira suna, biki da magani. Ragowar 20 ka kasa ta biyar, ba huɗu ba, jika 4 kowane mako, kowane kaso a ambulan ɗinsa. Wata ya fi mako huɗu, albashi kuma yakan yi jinkiri, kaso na biyar shi ke raba ka da littafin bashin mai shago. In ka buɗe ambulan na uku kafin kwana 14 da karɓar albashi, duba katin waya da shayin fada, galibi ta nan yake zurarewa.