Yadda zaka gaya ma likita ciwonka da Sifaniyanci in ka je Spain

In rashin lafiya ta kama ka a Madrid ko Barcelona, to fa ba kowane likita ne yake jin Turanci ba, gara ka shirya tun daga masauki.

1. Fara da maganin da jikinka baya so, tun kafin a tambaye ka. Namiji ya ce "Soy alérgico a la penicilina", mace kuma "alérgica", sai ka faɗi abinda yake maka, "me salen ronchas" wato jiki na yin borin jini, ko "me cuesta respirar" in numfashi ke sarƙewa. Don Allah rubuta wannan a takarda ka sa cikin fasfo, saboda ran da jiki yayi tsanani baki baya iya magana, kuma amoxicilina ma dangin penicilina ce, in ka ganta a takardar magani kayi magana nan take.

2. Nuna wurin da hannu ka ce "me duele" sai sunan wajen, la cabeza kai, el pecho ƙirji, el estómago ciki. Zazzaɓi "tengo fiebre".

3. Faɗi tun yaushe, "desde hace 3 días" kwana 3 kenan.

4. Wannan kar ka manta shi, in daga gida ka taso ka ce "Vengo de Nigeria, puede ser malaria", don can ba'a cika ganinta ba, likita zai iya ɗauka mura ce in baka faɗa ba.

In ciwon ƙirji ne ko numfashi, kira 112 kawai.