Darasi na Tara: Maki Daban, Kashi Cikin Ɗari Daban

A ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya karɓi bashin Naira 500,000 a banki domin ya saro atamfa, za a biya bayan shekara guda. Kuɗin ruwa kashi 20 cikin 100 ne a shekara. Kafin ya sa hannu sai aka kira shi aka ce: "Alhaji, an ɗan samu canji, yanzu ya koma kashi 25." Ya dawo shago ya ce wa yaronsa an ƙara masa kashi biyar cikin ɗari. Maganar nan tana da gyara, kuma gyaran ya kai Naira 20,000.

Ku ɗauki biro mu lissafa tare. Kashi 20 cikin 100 na 500,000 shi ne 100,000. Kashi 25 cikin 100 na 500,000 kuwa 125,000 ne. Ke nan abin da zai biya a kan uwar kuɗi ya ƙaru da 25,000. To 25,000 nawa ne a cikin 100,000 da zai biya da farko? Rubu'i ne, wato kashi 25 cikin 100. Da ƙarin kashi biyar ne kawai kamar yadda Alhaji ya faɗa, da 5,000 za a ɗora masa, ya biya 105,000. Wanda ya tsara cinikinsa a kan 105,000, ranar biya zai tarar da giɓin 20,000.

Ina biyar ɗin ta fito, tun da ba ƙarya ba ce daga 20 zuwa 25 akwai biyar? Wannan biyar ita ake kira maki. Maki shi ne tazarar da ke tsakanin kaso biyu, kuma da ɗebewa ake samunsa: 25 a cire 20, saura maki 5. Kashi cikin ɗari kuwa yana gaya mana girman canjin idan an gwada shi da inda aka taso. Shi da rabawa ake samunsa. A ɗauki makin, a raba da tsohon adadi, a ninka sau 100:

5 ÷ 20 × 100 = 25

Saboda haka magana biyu ce daidai a kan bashin Alhaji. Kuɗin ruwa ya hau da maki 5. Kuɗin ruwa ya hau da kashi 25 cikin 100. Wadda ba daidai ba ita ce a ɗauki lambar maki a liƙa mata "kashi cikin ɗari".

Kuskuren da ya fi yawa a aji shi ne raba makin da sabon adadi. Kullum da tsohon ake rabawa, domin daga nan aka taso. Ku duba abin da zai faru idan bayan wani lokaci bankin ya sauko daga 25 ya koma 20. Maki 5 ne dai aka sauke, amma yanzu daga 25 aka taso, don haka 5 ÷ 25 × 100 zai ba mu 20. Hawa kashi 25 ne, sauka kashi 20, alhali tazarar ɗaya ce. Maki ba ya canzawa ko hawa ko sauka, kashi cikin ɗari ne ke canzawa.

Wani zai ce shi ba ya cin bashi da ruwa, wannan lissafi bai shafe shi ba. Ya shafe shi. Bankunan da ba sa mu'amala da riba ma da kaso suke faɗin ribar da za su ɗora a kan kayan da suka saya wa mutum, kuma haka ake auna canjinta. Ga kuma haraji, wanda ba ya barin kowa. A shekarar 2020 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin kayayyaki daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. A kunne kamar ba komai, maki biyu da rabi. Amma kayan Naira 10,000 da ake biya wa harajin 500 sun koma 750. Harajin ya ƙaru da rabinsa cur, kashi 50 cikin 100. Idan adadin farko ƙarami ne, maki kaɗan kan zama babban kaso.

Haka ya kamata a saurari labaran Babban Bankin Najeriya a rediyo. A watan Fabrairun 2024 bankin ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga 18.75 zuwa 22.75. Maki 4 ke nan. Idan aka raba 4 da 18.75 aka ninka sau 100, za a samu 21 da ɗan kai. Wanda ya ji "an ƙara kashi huɗu" zai ɗauka abin bai taka kara ya karya ba, alhali ma'aunin ya hau da fiye da kashi ɗaya bisa biyar na yadda yake.

A lokacin zaɓe abin ya fi rikitarwa, domin akwai lamba ta uku, wato yawan ƙuri'un su kansu. A ce a wata mazaɓa cikin birni mutum 10,000 suka kaɗa ƙuri'a, wata jam'iyya ta samu kashi 40 cikin 100, ƙuri'a 4,000. A zaɓe na gaba mutane suka yi zamansu a gida, 6,000 kaɗai suka fito, jam'iyyar ta samu kashi 50, ƙuri'a 3,000. Magoya bayanta za su ce sun hau da maki 10, kuma gaskiya ne. Mai son kambama abin zai ce kasonsu ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, domin 10 ÷ 40 × 100 ya ba da 25, shi ma bai yi ƙarya ba. Abokan hamayya kuma za su ce jam'iyyar ta yi asarar masu zaɓe 1,000, rubu'in waɗanda take da su a da. Duka ukun daga takardar sakamako ɗaya suka fito. Shi ya sa ba na son ɗalibi ya tsaya a kan kaso kawai idan ana maganar zaɓe, sai ya tambayi mutum nawa suka fito.

Ku yi hattara kuma da ƙaramar jam'iyyar da za ta ce farin jininta ya ƙaru da kashi 100 cikin 100. Mai yiwuwa daga kashi 2 ta koma kashi 4. Ta ninka, ba musu, amma maki 2 kacal ta ƙara, kuma har yanzu a cikin kowane mutum 100, guda 96 ba su zaɓe ta ba.

Hanyar kare kai ba ta da wuya. Duk wanda ya ce muku "an ƙara kashi kaza", ma'aikacin banki ne ko ɗan siyasa ko mai karanta labarai, ku tambaye shi: daga nawa zuwa nawa? Da zarar kun samu lambobin biyu, ku da kanku za ku fitar da makin da kason. Idan bashi ne, kada ku sa hannu sai an rubuta muku abin da za ku biya a Naira. Ku kuma tabbatar ko kason na wata ne ko na shekara, domin kashi 5 a wata ya kai kashi 60 a shekara tun kafin a yi maganar ruwa a kan ruwa.

Aikin gida

Wata ƙungiyar mata masu sana'a a Fagge tana karɓar bashi a kan kashi 8 cikin 100, sai aka mayar da shi kashi 10. Maki nawa aka ƙara, kuma kashi nawa cikin ɗari ke nan? Idan bashin Naira 200,000 ne na shekara guda, nawa za su biya a kan uwar kuɗi a da, nawa kuma yanzu?

Wani ɗan takarar kansila ya samu kashi 60 cikin 100 na ƙuri'a 5,000. A zaɓe na gaba ya samu kashi 45 na ƙuri'a 8,000. Ku fitar da makin da ya sauka, sannan ku lissafa ƙuri'unsa na kowane zaɓe, ku faɗi ko sun ƙaru ko sun ragu. Ku zo da lissafin a rubuce, za mu duba shi tare a allo.