Darasi na Bakwai: Bayan an karɓi kayan sana'a, ina jarin ya shiga?

A ajinmu akwai iyayen da yaransu suka gama sakandare, aka koya musu sana'a, aka ba su kayan aiki da ɗan kuɗin farawa. Wasu ta hannun Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa suka samu, wadda ke tura matasa su zauna ƙarƙashin gwanin sana'a su koya, wasu ta hannun ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya. Ranar yaye ɗalibai kowa na murna. Abin da ke ci mini rai shi ne bayan wata uku zuwa shida, in ka leƙa gidan sai ka tarar an kife tukunya a bayan ɗaki, ana cewa kasuwa ce ta ƙi. Sau da yawa kasuwar ba ta ƙi ba, jarin ne aka cinye ba a sani ba. Yau za mu koyi yadda ake gane haka tun da sauran gyara.

Mu ɗauki sana'ar da muka sani a nan Kabi, wato gumin shinkafa. Ƙasarmu ƙasar shinkafa ce, daga fadamun Argungu har Suru da Yawuri, kuma a Birnin Kabi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a 2015. Samun shanshera ba wuya ba ne a nan, shi ya sa masu horarwa ke yawan zaɓar wannan sana'a.

Mu ƙaddara wata yarinya ce a Argungu. An koya mata wanke shanshera a kwashe ƙaiƙayi da marar ƙwaya da ke tasowa saman ruwa, a jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana, a turara har ɓawon ya fara tsagewa, a shanya, sannan a kai inji. An ba ta tukunya da tamfol da naira 93,000. Kuɗaɗen da zan ambata na misali ne, ku maye su da farashin kasuwarku na wannan makon.

Buhun shanshera ɗaya naira 40,000 ne. Itace da ruwa sun ci 2,500, mai inji ya karɓi 2,500, dako da kuɗin mota 1,500. Ke nan kafin buhu ɗaya ya zama shinkafar sayarwa ya ci 46,500, jarinta kuwa na buhu biyu ne cif. Kowane buhu ya ba ta kwano 25, ta sayar da kwano a 2,100, ta tashi da 52,500. Ribar gaskiya naira 6,000 ce a buhu, wato 12,000 a mako tunda buhu biyu take yi.

Ita kuma ba haka ta lissafa ba. Kuɗin shanshera kaɗai ta cire, sai ta ga kamar tana cin 12,500 a kowane buhu, domin kuɗin itace da na inji da kaɗan-kaɗan suke fita, ba ta rubuta su ba. Da wannan zaton ta riƙa zarar 15,000 kowane mako: cefane, kuɗin makarantar ƙanne, gudunmawar biki. Ba almubazzaranci ta yi ba, hidimar gida ce, kuma duk mun san nauyin da ke hawa kan yaro da zarar an ce ya fara sana'a. Amma kowane mako naira 3,000 na fita daga cikin uwar kuɗi. Abin da ya rufe mata ido shi ne mai sayar mata da shanshera yana ɗaga mata ƙafa. In kuɗinta bai cika ba sai ya ce, "Ɗauki, ƙanwata, kya ciko." Aiki bai tsaya ba, ita kuma ba ta ga ramin ba.

Bayan mako 12 mahaifiyarta ta zaunar da ita suka yi bita. Bitar ba ta da wuya, kowa a ajin nan zai iya. Ana haɗa kuɗin da ke hannu da kuɗin kayan da ba a sayar ba da bashin da ake bin mutane, sannan a cire bashin da ake bin mai sana'ar. Da suka yi haka sai suka ga 57,000 ya rage, domin 3,000 sau 12 ya kama 36,000. Cikin abin da ya rage ma, 14,700 na hannun maƙwabta, kuɗin kwano bakwai da aka ɗauka a kan za a kawo. Abin da za ta iya juyawa 42,300 ne kawai.

Ga wurin da nake so ku riƙe da kyau. Kada ku ƙirga jari da naira kaɗai, ku ƙirga shi da buhu. A makon da suka zauna shanshera ta tashi zuwa 45,000, kamar yadda takan yi in an yi nisa da girbi. Buhu ɗaya da hidimarsa ya koma 51,500. Yarinyar da ta fara da buhu biyu yanzu kuɗinta bai kai na ɗaya ba. Ko da 93,000 ɗinta na nan ba ta taɓa ba, buhu biyu ya fi ƙarfinta a sabon farashi. Don haka tambayar da za ku yi wa yaranku ita ce: kaya nawa kuɗinka zai saya yau, nawa kuma ya saya ranar da ka fara? Tela ya auna da yadi, mai kiwon kaji ya auna da 'yan tsaki da buhun abincinsu.

Akwai kuma asarar da ke faruwa a kan tamfol. Shinkafar da aka bari ta bushe ƙarau a tsakar rana takan tsattsage a ciki, in ta shiga inji sai ta kakkarye. Gara a baza ta ba kauri, a riƙa juyawa, a ƙarasa busarwar a inuwa. A ciji ƙwaya ɗaya: in ta lotsa a haƙori da sauran danshi. In buhu ya ba da kwano 23 maimakon 25, an yi asarar 4,200 cikin ribar 6,000. Shi ya sa duk ranar da aka dawo daga inji sai a auna a rubuta.

Yarinyar ba ta rufe sana'a ba. Ita da mahaifiyarta sun bi gida-gida suka karɓo kuɗin kwano biyar, 10,500, abin juyawa ya koma 52,800, ta sayi buhu ɗaya ba ciko. Ta raba 51,500 gida 25, ta ga kowane kwano ya tsaya mata a 2,060. Da ta ci gaba da sayarwa a 2,100, naira 40 kacal za ta riƙa samu a kwano. Sai ta duba yadda sauran mata ke sayarwa, ta mayar da nata 2,300, ribarta ta dawo 6,000. Ta yanka wa kanta 3,000 a mako, sauran 3,000 na komawa cikin jari.

Aikin gida: ku sami littafin rubutu, ku ja layi ku raba shafi gida huɗu, ku rubuta a sama: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, bashi. Ku zauna da yaronku ko 'yarku ku cike na kwana bakwai, har kuɗin leda da na ruwa. Ku zo da shi mako mai zuwa, za mu yi lissafin mutum biyu a kan allo.